Ɗalibata ta haɗa siffa ta shida, ni kuwa na ce musu biyar ne kaɗai

Malama Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako kafin ranar Litinin. Jiya na sa ɗalibaina yanka kwali muna haɗa siffofin nan masu fuskoki iri ɗaya: mai fuska huɗu, mai shida, mai takwas, mai goma sha biyu da mai ashirin. Na faɗa musu cewa su biyar ɗin nan ne kaɗai, babu na shida. Sai wata yarinya ta ɗauki masu fuska huɗu guda biyu, ta manna su gindi da gindi, ta kawo mini. Fuskoki shida, kowace alwatika ce mai gefuna daidai, duk girmansu ɗaya. Ta ce, "Malama, ga na shida." Na juya abin a hannuna, jikina ya ba ni akwai inda ya kauce, amma ban iya nuna mata wurin ba. Ba na so in ce mata "haka littafi ya ce". Ina kuskuren yake, kuma me ya sa aka tsaya a biyar?

Bashir: Wa alaikumus salam Malama. Ai wannan mai sauƙi ne, ƙa'idar masanin lissafi Euler ce ke raba gardama. Ki ƙirga tsinaye, wato wuraren da gefuna ke haɗuwa, ki cire yawan gefuna, ki ƙara yawan fuskoki. In siffar ta gaskiya ce za ki sami 2. Waɗannan biyar ɗin ne ke ba da 2, tata ba za ta bayar ba.

Malama Rabi: Malam Bashir, yanzu na ƙirga, abin yana gabana. Tsini biyar: ɗaya sama, ɗaya ƙasa, uku a ƙugu. Gefe tara: uku sun gangaro daga sama, uku sun hauro daga ƙasa, uku sun kewaye ƙugu. Fuska shida. Biyar a cire tara a ƙara shida, 2 ne. Tata ma ta bayar.

Bashir: To fa. Ki sake ƙirga gefunan.

Malam Sani: Ba sai ta sake ba, ƙirgarta daidai ce. Bashir, ka kama hanya amma ka ɗora wa ƙa'idar abin da ba ta faɗa ba. Wannan 2 ɗin ba na siffofi biyar kaɗai ba ne. Duk wani dunƙule mai shimfiɗaɗɗun fuskoki wanda babu rami da ya huda shi, 2 zai ba ka, ko karkatacce ne ko miƙaƙƙe. Dala mai gindi murabba'i: tsini 5, gefe 8, fuska 5, ka ga 2. Don haka ƙa'idar ita kaɗai ba ta tace kowa.

Malama, ki ce wa yarinyar ta ɗora yatsa a tsinin sama ta ƙirga fuskokin da suka haɗu a wurin. Uku ne. Sai ta sauko da yatsan zuwa ɗaya daga cikin tsinayen ƙugu ta sake ƙirgawa. Huɗu ne, biyu daga sama biyu daga ƙasa. Nan ne ya kauce. Sharaɗin biyu ne: fuskoki su zama iri ɗaya masu gefuna da kusurwoyi daidai, sannan kowane tsini ya tara fuskoki adadi ɗaya. Siffarta ta cika na farko, ta faɗi a na biyu. Kuma ki yaba mata sosai. Shi kansa Iƙlidis, masanin lissafin zamanin dā wanda Turawa ke kira Euclid, da ya zo ƙarshen littafinsa na 13 yana cewa babu ta shida, bai fito da sharaɗin tsinin fili ba, fuskoki kawai ya ambata. In aka bi lafazinsa kalma da kalma, siffar yarinyar nan ta shiga.

Malama Rabi: Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi da na sa yatsa na gani nan take. Saura rabi na biyu: me ya hana a samu ta shida wadda ta cika duka sharuɗɗan?

Aminu: Ni dai ban yarda biyar ne ba. Ƙwallon ƙafa fa? Irin mai baƙi da farin nan. Ko ta ina ka juya ta iri ɗaya ce. Sannan ga dunƙule mai santsi kamar ƙwallon tebur, ai babu abin da ya fi shi daidaito.

Zainab: Yaya Aminu, mai santsin ba ta da fuska shimfiɗaɗɗiya ko ɗaya, ba ta cikin maganar. Ƙwallon ƙafa kuma fuskokinta iri biyu ne, baƙaƙen gefe biyar gare su, fararen gefe shida. Baƙaƙe 12, farare 20.

Aminu: Na yarda da na fararen da baƙaƙen. Ban taɓa lura gefunansu sun bambanta ba.

Malam Sani: Madalla Zainab. Ƙwallon ta faɗi a sharaɗi na farko, siffar ɗalibar ta faɗi a na biyu, kin ga kowane sharaɗi da aikinsa.

Yanzu ga dalilin biyar. Sirrin duka yana cikin abu guda: kowane gefe na fuska biyu ne, kuma bakinsa biyu. A riƙe wannan.

Mu kira yawan fuskoki F, gefuna G, tsinaye T. Mu ce kowace fuska tana da gefe n, kuma a kowane tsini fuska m ke haɗuwa, wanda ke nufin gefe m ne ma ke haɗuwa a wurin. Ki tuna lokacin da kwalayen ke warwatse a tebur kafin a manna. In kin ƙirga gefunansu duka, n sau F za ki samu. Da aka zo mannawa, gefe biyu-biyu aka haɗa suka zama ɗaya. Don haka:

n × F = 2 × G

Akwati mai murabba'i shida: huɗu sau shida 24, rabinsa 12, kuma gefunansa 12 ne. Haka nan in kin bi tsini-tsini kina ƙirga gefunan da suka fito daga kowanne, m sau T za ki samu, amma kowane gefe kin ƙirga shi sau biyu, sau ɗaya a kowane baki:

m × T = 2 × G

Akwatin dai: tsini takwas, kowanne gefe uku, 24 kuma. Yarinyar Malama ba za ta iya rubuta wannan layin na biyu ba, domin m ɗinta ba ɗaya ba ne, wani wuri uku wani wuri huɗu. Ku gwada wannan tukuna a kan siffofin da ke hannunku kafin in ci gaba.

Malama Rabi: Na gwada da mai fuska ashirin, kuma ya warware mini wata damuwa. A aji mun yi ta ƙirga gefunanta da hannu, wani ya ce 28, wani 31, domin da ka juya ta sai ka manta inda ka fara. Har sai da muka riƙa ɗiga tawada a kan wanda muka ƙirga. Yanzu: alwatika 20 sau gefe uku 60, rabi 30. Tsini kuma, biyar ke haɗuwa a kowanne, 60 a raba biyar, 12. Sha biyu a cire talatin a ƙara ashirin, 2. Ko taɓa ta ban yi ba.

Malam Sani: Haka ake so. To yanzu sai a shigo da Euler, a nan ne Bashir yake da gaskiya:

T − G + F = 2

Daga layukan can biyu, T daidai yake da 2G/m, F kuma 2G/n. A zuba su ciki, a raba ko'ina da 2G, sai a sami:

1/m + 1/n = 1/2 + 1/G

Ku dubi hannun dama da kyau. Ko nawa ne G, 1/G ya fi sifili. Ke nan dole 1/m da 1/n in an haɗa su su wuce rabi. Ko da kaɗan ne, amma sai sun wuce. Sannan n ba ya gaza uku, domin babu fuska mai gefe biyu, m ma ba ya gaza uku, domin fuska biyu ba sa yin tsini, sai dai su yi ninki kamar littafi.

Ku ga yadda ƙofar ta ƙuntata. In dukansu sun kai huɗu, rubu'i da rubu'i rabi ne cif, bai wuce ba. Don haka dole ɗayansu ya zama uku. In ɗaya uku ne, an sami sulusi, ana neman abin da ya fi ɗaya bisa shida a cike. Ɗaya bisa uku ya fi, ɗaya bisa huɗu ya fi, ɗaya bisa biyar ya fi, ɗaya bisa shida bai fi kansa ba. Saboda haka abokin ukun sai dai ya zama uku, huɗu ko biyar. Uku da uku hanya ɗaya ce. Uku da huɗu hanya biyu, domin ana iya musanya wanda ke fuska da wanda ke tsini. Uku da biyar ma biyu. Ɗaya da biyu da biyu, biyar.

Zainab: Allah ya gafarta Malam, bari in gwada ɗaya in ga ko na fahimta. Fuska mai gefe biyar, uku a kowane tsini. Sulusi da ɗaya bisa biyar: in na mai da su bisa 30, 10 da 6 ne, 16 bisa 30. Rabi kuma 15 bisa 30. Saura ɗaya bisa 30, ke nan G talatin ne. Fuskoki 60 a raba biyar, 12. Tsinaye 60 a raba uku, 20. Mai fuska goma sha biyu ce ta fito! Abin da ya ba ni mamaki shi ne ban faɗa wa lissafin yawan fuskoki ba, shi ya faɗa mini.

Malam Sani: Daidai, 'yata. Kuma ki lura da yadda ta tsallake da ƙyar, da ɗaya bisa 30 kacal. Ki musanya biyar da ukun, G zai zauna a 30, amma 12 da 20 su sauya wuri, ki sami mai fuska ashirin ta Malama. Haka akwati da mai fuska takwas: gefe 12 dukansu, ɗaya fuska 6 tsini 8, ɗayar fuska 8 tsini 6. In kin sa ɗigo a tsakiyar kowace fuskar akwati kika haɗa ɗigon da ke maƙwabtaka, mai fuska takwas za ki gani a ciki. Mai fuska huɗu ita ce ba ta da abokiyar musanya sai kanta: fuska 4, tsini 4, gefe 6.

Bashir: Na karɓi gyara a kan maganata ta farko. Amma Malam, ni a ganina wannan hanyar ta yi tsawo. Akwai ta kusurwa, wadda yaro zai gani da ido. Kusurwoyin da suka taru a tsini dole su gaza digiri 360, in ba haka ba kwalin zai kwanta ba zai tashi ba. Alwatika 60 ce: uku, huɗu, biyar sun yiwu, shida sun cika 360. Murabba'i 90: uku kawai. Mai gefe biyar 108: uku sun ba da 324, huɗu sun wuce. Mai gefe shida 120: uku sun riga sun cika 360. Biyar ke nan, babu haruffa babu raba-raba. Kuma ai ita ce hujjar Iƙlidis ɗin.

Malam Sani: Ita ce tasa, kuma ga aji ni ma da ita zan fara. A ba yara masu gefe shida guda uku su yi ƙoƙarin tada tsini, su ga sun kwanta kamar saƙar zuma. A lissafina nan ne sulusi da ɗaya bisa shida suka ba da rabi cif, 1/G ya zama sifili, wato gefuna ba su da iyaka, shimfiɗa ce da ba ta rufewa. Hanyoyin biyu sun tsaya a bango ɗaya.

Amma hanyar ƙirga ta fi taka faɗin abu biyu. Na farko, taka ta gaya maka yadda tsini ɗaya yake, ba ta gaya maka fuska nawa za ka yanka ba. Na biyu, duba lissafin nan daga sama har ƙasa, babu inda na auna tsawo ko kusurwa. Ko da gefunan igiyar roba ne, ko da zane ne aka yi a jikin balan-balan, matuƙar kowane yanki gefe n ne kuma kowace mahaɗa m ce, tsari biyar ɗin nan ne dai.

Idi Kafinta: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni ba ɗan lissafi ba ne, katako nake aiki. Malam ya ce in rami ya huda abu 2 ba ya fitowa. Ina da firam ɗin hoto a gabana, katako huɗu masu kauri, tsakiya a buɗe. Na ƙirga: tsini 16, takwas a waje takwas a ciki. Gefe 24. Fuska 10: huɗu a waje, huɗu a ciki, gaba ɗaya, baya ɗaya. Sha shida a cire 24 a ƙara goma, 2 na samu. Ga rami ga 2. To yaya ke nan?

Bashir: Lallai kam, na bi ƙirgarka Malam Idi, 2 ne.

Malam Sani: Malam Idi, tambayarka ta fi duk wadda aka yi yau nauyi. Matsalar tana fuskar gaba da ta baya. Ka ƙirga kowacce a matsayin fuska ɗaya, alhali zobe ce, tana da baki na waje da baki na ciki da ba su taɓa juna ba. Ƙa'idar tana son fuska mai iyaka guda ɗaya da za ka bi da yatsa ka dawo inda ka fara. Kuskure biyu ne suka ci juna a wurinka: ramin ya rage biyu, zobban biyu sun ƙara biyu, sai ka ga kamar lafiya.

Ga gyaran, kuma yana jikin aikinka. A kowace kwana akwai layin da ka yanka katako a karkace ka haɗa. Ka ɗauke shi a matsayin gefe. Huɗu a gaba, huɗu a baya, gefuna sun zama 32. Gaba ta rabu huɗu, baya ta rabu huɗu, fuskoki sun zama 16. Tsini yana nan 16. Sake lissafawa.

Idi Kafinta: Sha shida a cire 32 a ƙara 16. Sifili. Ikon Allah.

Zainab: Malam, na ga wani abu a firam ɗin. Yanzu kowace fuska gefe huɗu gare ta. Kuma a kowane tsini gefe huɗu ke haɗuwa: biyu na kewaye, ɗaya na kauri, ɗaya na layin haɗin. Ai huɗu da huɗu ke nan, wanda aka ce ba ya yiwuwa.

Malam Sani: Kin gani da kyau. Ba ya yiwuwa inda amsar Euler 2 ce. A kan abu mai rami ɗaya amsar sifili ce, sai 1/G ɗin can ya ɓace, a nemi rabi cif, kuma rubu'i da rubu'i rabi ne. Firam ɗin ba ya cikin siffofinmu, fuskokinsa ba murabba'ai masu girma ɗaya ba ne, amma ya nuna inda biyar ɗin ta rataya: a kan 2 ɗin nan.

Malama Rabi: To shi 2 ɗin daga ina ya fito? In yarinyar nan ta tambaye ni, kuma na san za ta tambaya.

Malam Sani: Euler ya rubuta shi a wasiƙa ga abokinsa Goldbach a 1750, amma hanyar da zan ba ki ta fi kusa da ta wani masanin lissafi, Cauchy, ta 1813. Ɗauki akwati, cire murfin, ki ɗauka na roba ne ki buɗe bakin ki shimfiɗa shi. A allo zai zama ƙaramin murabba'i a cikin babba, an haɗa kwana da kwana. Tsini 8, gefe 12, fuska 5 tunda an cire ɗaya, jimla 1. Sai ki goge wani gefe na waje wanda ke tsare wata fuska. Gefe ɗaya ya tafi, fuska ɗaya ta buɗe ta tafi, jimla ba ta motsa ba. Ki yi haka sau biyar, kowane karo ki zaɓi gefen da ke tsakanin fili da fuskar da ta rage. Fuska ta ƙare, saura gefe 7 da tsini 8 kamar rassan itace. Yanzu ki riƙa tsinke reshen ƙarshe tare da tsininsa, gefe ɗaya tsini ɗaya, jimla dai tana nan. A ƙarshe tsini ɗaya zai rage, wato 1. Mai da murfin da kika cire, 2. Firam ɗin Malam Idi kuwa, cire masa fuska ɗaya ki ja yadda kike so, ba zai shimfiɗu ba tare da layuka sun hau juna ba.

Bashir: Ina da sauran ƙorafi ɗaya. Tunda ƙirgar ba ta ganin tsawo, to akwatin ashana ma tsini 8, gefe 12, fuska 6 ne, huɗu da uku. Ƙirga ba ta bambanta shi da akwati mai murabba'ai ba. Ke nan ba ta tabbatar cewa biyar ɗin suna nan da gefuna daidai ba, ta dai ce ba za su wuce biyar ba.

Malam Sani: Wannan gaskiya ce, ba ni da ja. Ƙirga ta rufe ƙofar ta shida, ba ta gina ko ɗaya ba. Hujjar kusurwa ma haka take. Don ka san uku masu gefe biyar suna tada tsini, wannan bai nuna cewa in ka ci gaba da mannawa ta sha biyun za ta faɗa gurbinta daidai ba. Shi ya sa Iƙlidis ya ɓata yawancin littafin yana share fage da gina su ɗaya bayan ɗaya a cikin dunƙule mai siffar ƙwallo, kafin ya zo kan maganar babu ta shida.

Aminu: Amma ai Malama ta haɗa da kwali ya rufe. Wace hujja ta fi wannan?

Bashir: Kwali yana lanƙwasa, gam yana cike giɓi. In kuskuren digiri ɗaya ne ba za ka gani ba.

Aminu: Ni dai abin da na riƙe a hannuna ya rufu, ya ishe ni.

Zainab: Malam, ni kuma na taɓa ganin hoton wasu masu kama da taurari, an ce na Kepler ne, wai su ma fuskokinsu iri ɗaya ne kuma tsinayensu iri ɗaya. Ina za a sa su?

Malam Sani: Huɗu ne. Kepler ya bayyana biyu a 1619, Poinsot ya ƙaro biyu bayan kusan shekara ɗari biyu. Fuskokinsu suna ratsa juna, shi ya sa ba a sa su cikin biyar ɗin. In an yarda fuska ta ratsa fuska, adadin ya zama tara. Ɗaya daga cikin na Kepler tana da tsini 12, gefe 30, fuska 12 masu siffar tauraro, ki lissafa ki ga abin da zai fito, ba 2 ba ne. Ko a kira su 'yan gidan ko baƙi, ya danganta da sharaɗin da aka shimfiɗa tun farko, kuma ni ban ga laifin wanda ya ƙirga su ba muddin ya faɗi sharaɗinsa.

Zainab: Shida ƙasa da sifili na samu. Wannan sai na zauna da ita.

Malama Rabi: Na gode ƙwarai, Malam Sani da kowa. Ranar Litinin zan mayar wa yarinyar siffarta in ce ta sa yatsa a tsinin sama da na ƙugu, ita za ta faɗa wa ajin abin da ta gani. Malam Idi, don Allah ka turo mini hoton firam ɗin ta gaba yadda layukan kwana za su fito sosai, ina so su ƙirga shi sau biyu.

Idi Kafinta: Yanzu kuwa Malama, bari in goge ƙurar in ɗauka.